Ragi, haraji da kuɗin mota: yadda ake bin takardar dila layi-layi

Tambaya: Ina da shagon tireda a wani ƙauye kusa da Ringim. Na sari kwali 30 na sabulu da buhu 24 na omo wajen wani dila a kasuwar Singa, aka yi mini ragin kashi 5, na ba da kafin alƙalami ₦200,000. Kaya sun iso, amma a ƙasan takardar an rubuta ₦640,000. Yaron dila ya ce kwamfuta ce ta buga. Zan biya ne?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Ajiye takardar kusa da kayan, ka fara daga sama.

Kowane layi abu uku ne: adadi, farashin guda, sai abin da suka bayar in an ninka. Ƙirga kwalayen da hannunka, ka buɗe ɗaya ka ga ko girman da ka yi ciniki ne, don kwali mai guda 48 da mai guda 72 ba farashinsu ɗaya ba. Mu ce sabulu ₦12,000 kwali, 30 sun kama ₦360,000. Omo ₦10,000 buhu, 24 sun kama ₦240,000. Kuɗin kaya ₦600,000 ke nan. Ragin kashi 5 ya zama ₦30,000, saura ₦570,000. Duba gefen ragin ko akwai sharaɗi, domin wani ragin na wanda ya biya cikin mako guda ne, in ya wuce a janye.

Harajin VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, kuma a kan kuɗin da aka sayar maka ake ɗora shi, wato bayan an cire ragi. Kashi 7.5 na ₦570,000 shi ne ₦42,750. In aka ɗora a kan ₦600,000 sai ya zama ₦45,000. Haɗa ₦570,000 da ₦45,000 da kuɗin mota, mu ce ₦25,000, ka ga ₦640,000 cif. Ina kyautata zaton abin da ya faru da takardarka ke nan: an caje ka harajin kuɗin da aka riga aka yafe maka, ₦2,250, sannan ba a cire kafin alƙalaminka ba.

Yanzu ga maganar da ke ƙona mini rai, wai kwamfuta ce ta buga. Kullum sai mun ji ta, kuma da ita ake rufe bakin 'yan kasuwar ƙauye. Mutumin da ba ya yarda a auna masa gero da kwanon da bai sani ba, da ya ga takarda mai tambari da hatimi sai jikinsa ya yi sanyi. Kwamfuta tana tara abin da aka ba ta ne. Wa ya shigar da adadin? Yaron dila. Wa ya zaɓi farashin? Shi. In ya bar farashin satin jiya, ko ya ɗora haraji kafin ragi, ko bai shigar da kuɗin da ka tura ba, haka za ta buga tsaf, lissafin ya haɗu daidai a kan kuskure. Wani lokacin ma farashin da aka faɗa maka a baki har da harajin a ciki, sai a sake ɗora wani a ƙasa, ka biya sau biyu. Shi ya sa tun wajen ciniki ake tambaya: da VAT ko ba VAT? Kuma duk takardar da ta caji wannan haraji, nemi lambar TIN ta mai sayarwa, wato lambar rajistar harajinsa, a jikinta. Wanda bai yi rajistar haraji ba, kuɗin wa yake karɓa? In da akwai kayan abinci na masarufi kamar shinkafa a cikin lodin, layinsu ba ya ɗaukar kashi 7.5 ɗin nan, sai a ware shi.

Kuɗin mota kuwa, tambayi iyakarsa: zuwa tashar Ringim ne ko har ƙofar shago, da kuɗin 'yan dako ko babu. In yana cikin takarda, kada ka sake biyan direba. Dilan da ya kawo da motarsa yakan haɗa shi cikin abin da ake ɗora wa haraji, a nan zai ƙara ₦1,875.

A lissafin namu jimla ₦637,750 ce, a cire ₦200,000, abin da ake bin ka ₦437,750. Tura wa dilan da kansa hoton takardar da shaidar kuɗin da ka tura, ka nemi ya sake fitar da gyararriya, ba gogewa da biro ba. Asusun da za ka biya ya kasance mai sunan da ke saman takardar, kuma in ka biya ka karɓi rasit daban, domin wannan takardar neman kuɗi ce, ba ta nuna ka biya.