Yadda ake auna haɗari da jadawali kafin a zuba kaji

Tambaya: Na tara naira miliyan 3 zan fara kiwon kajin nama guda 500. A wajen horaswa an ce mu cike jadawalin haɗari, mu ba kowace barazana maki. Na ninka lambobin, amma murar tsuntsaye ta fito da maki 5 kacal, daidai da mutuwar 'yan tsaki. Anya haka ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne, kuma ka taɓo inda jadawalin yake da rauni. Bari mu bi shi daga tushe.

Kowace barazana ana yi mata tambaya biyu: yaya yiwuwar aukuwarta take, kuma in ta auku wace irin ɓarna za ta yi? Kowace amsa ana ba ta maki daga 1 zuwa 5, a ninka su, sakamakon ya faɗa tsakanin 1 da 25. Inda akasari ake tafka kuskure shi ne a fara raba maki ba a tsayar da ma'anar lambobin ba, sai ya zama tsoro ne ke ba da makin. Ka fara rubuta ma'auninka da naira. A jarinka, ɓarna 1 ita ce asarar da ba ta kai ₦60,000 ba, 2 har zuwa ₦150,000, 3 har ₦450,000, 4 har miliyan 1.2, sannan 5 duk abin da ya haura haka, wato ba ka iya sake zubi. Yiwuwa kuma ka auna ta da zubi ɗaya na mako shida zuwa takwas: 5 abin da kusan kowane zubi ake gani, 1 abin da sai a yi shekaru bai zo ba.

Ɗauki tsadar abinci, tunda shi ke cin kaso mafi girma na kuɗin kiwo. In kowace kaza ta ci kimanin kilo 4, kana bukatar kilo 2,000, buhu 80 ke nan mai kilo 25. A ce kowane buhu cikin 80 ɗin ya ƙara ₦3,000 a kan yadda ka tsara, ₦240,000 ta fita, ɓarna ta 3. Yiwuwar kuwa ni 4 zan ba ta. Maki 12. Gumboro, cutar da ke kama ƙananan kaji, a kajin da ba su sami rigakafi ba zan sa mata yiwuwa 4, ɓarna 4, maki 16, ita ce a sama. Zafi kuma ya danganta da ranar da ka zuba. Kajin da za su yi nauyi a watan Afrilu suna cikin haɗarin da na damina ba sa ciki, don haka jadawalin zubin Maris ba zai yi wa na Yuli aiki ba.

Yanzu ga biyar ɗinka guda biyu. Mutuwar 'yan tsaki goma sha biyar a makon farko abu ne da ake gani kusan kullum, amma ko ka yi wa kowane kuɗi ₦2,000, asarar ₦30,000 ce: 5 sau 1. Wannan ka sa shi cikin kasafi kawai, ka wuce. Murar tsuntsaye kuwa 1 sau 5 ce. Ba ta cika zuwa ba, amma tun da aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006 masu kiwo sun san halinta: kajin da ba ta kashe ba hukuma za ta hallaka su don kar ta yaɗu. Ninkawa ta haɗe abin da ke rage riba da abin da ke rufe gona. Shi ya sa nake ba duk mai sabuwar sana'a shawara ya ja jan layi a kan duk abin da ɓarnarsa ta kai 5, komai ƙanƙantar makinsa, ya rubuta abin da zai yi a kai. A nan, ka hana dillalai shiga ɗakin kaji, ka ajiye ruwan magani na tsoma ƙafa a bakin ƙofa, ka raba su da kajin gida da tsuntsayen waje. Abin da ya fi min muhimmanci, kada ka zuba miliyan ukun gaba ɗaya. Fara da kaji 300, ka riƙe kuɗin wani zubin, domin wannan ne matakin da ke sauko da ɓarnar daga 5.

Bayan ka tsara matakai sai ka sake ba da maki. Rigakafin gumboro kan lokaci, da maganin da aka ajiye a sanyi, zai iya mayar da yiwuwar daga 4 zuwa 2, makin ya koma 8. Sayen buhu 40 tun farko yana raba ɓarnar tsadar abinci gida biyu. In ka ga mataki bai sauya ko ɗaya daga lambobin biyu ba, kuɗinka kawai zai ci.

Ka kuma lura cewa jadawalin yana duba kowace barazana ita kaɗai, alhali sukan zo tare. Mai saye ya saɓa alkawari, kaji su ƙara mako biyu suna cin abinci, zafi kuma ya same su da nauyi. Irin wannan ka rubuta shi a layi guda, ka haɗa asarar, sannan ka ba shi maki. Kafin ka kammala, ka kai takardar wajen likitan dabbobi da wani tsohon mai kiwo na yankinku, su ba da makin yiwuwa ba tare da sun ga naka ba. Inda kuka saɓa da maki biyu ko fiye, nan za ka tsananta bincike kafin ka biya kuɗin 'yan tsaki.