Ganau da jiyau: amsa ga ɗiyar ƙanwata kan labarin kafa Maraɗi

"Kawu, tun muna yara ake koya mana cewa abin da manya suka faɗa ba a ja da shi. Na rubuta aikin makaranta kan kafa Maraɗi, na sa abin da maroƙan fada suke faɗa da abin da ke littafinmu na lakwal. Malam ya maido mini, wai in rarrabe tushen farko da na biyu, in kuma nuna son zuciyar kowanne. Wannan ba ƙaryata magabata ba ne?"

Ɗiyata, na ga saƙonki. Malaminki bai ƙaryata kowa ba. Abin da ya nema gare ki tsohuwar al'ada ce ta malamanmu na zaure: ba a karɓar hadisi sai an ji wa ya karɓo daga wa. Alƙali ma idan aka kawo masa rikicin iyakar gona, tambayarsa ta fari ita ce, kana wurin ko ji ka yi? Ganau shi ne tushen farko: wasiƙa, waƙa ko littafi da ya fito daga hannun mutanen zamanin da abin ya faru. Jiyau shi ne na biyu, wanda ya zo daga baya ya tattara ya auna, kamar littafinki na lakwal, ko wanda Yusufu Bala Usman ya fitar a 1981 kan tarihin Katsina. Ana raba su ne domin tambayar da ake yi wa kowanne daban take. Jiyau ana ce masa ina ka samo, kuma yaya ka auna? Ganau kuwa ana ce masa ina kake tsaye lokacin da ka gani, kuma wa kake so ya ji?

Ana cewa gani ya kori ji, amma a tarihi ganau yakan fi kowa ɓangaranci, don da shi aka yi faɗan. Ɗauki Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. Ya kammala shi a 1812, shekara biyar bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi, huɗu bayan Alƙalawa, babban birnin Gobir. Babu wanda ya fi shi kusa da abin, shi ya ja runduna, ya san wace rana aka tashi, a wane tafki aka yi zango. A kan irin waɗannan ana dogara da shi sosai, domin ba shi da ribar da zai ci in ya sauya sunan gari, kuma waɗanda suka yi yaƙin suna raye, sun iya gyara masa. Amma da ya zo kan dalilin yaƙin, ya ce sarakunan Hausa sun gauraya Musulunci da kafirci, nan ba labari yake bayarwa ba, hujja yake kafawa, don a shari'a ba a yaƙar Musulmi a kama iyalinsa. In bai kafa wannan hujja ba, yaƙin duka ya rasa madafa. Masanin tarihi ba ya jefar da maganar, ba ya kuma haɗiye ta. Sai ya rubuta cewa ga abin da shugabannin jihadi suka zargi sarakuna da shi, ya tafi neman wata murya.

Abin sha'awa, muryar tana cikin littafin. Bello ya kwafo wasiƙar Shehu Laminu na Barno, wanda ya ce masu: mutanen da kuke yaƙa suna salla, suna azumi, suna fid da zakka, saɓo kuwa ba kafirci ba ne. Ya kawo ta ne don ya rushe ta, amma da haka ya bar mana shaidar cewa tun a lokacin akwai malami babba da bai yarda ba. Wannan ita ce dabarar da na fi so ki riƙe: abin da marubuci ya faɗa wanda bai yi masa daɗi ba, ya fi nauyi a kan goma da ya faɗa don yabon kansa.

To, yanzu mu juyo gida, nan ne za ki ji ɗaci kaɗan. Namu labarin shi ne Sarkin Katsina Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, sauran ƴan sarki suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya dawo ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Wa ya fara sa shi a takarda dalla-dalla? Cikin na farko akwai Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya bi iyakar Faransa da Ingila tsakanin 1906 da 1909. Lissafa ki gani: shekara ɗari bayan faɗuwar Katsina. Waɗanda suka ba shi labari jikoki ne, mutanen fada ne, kuma suna magana gaban Nasaran da ke jan iyaka yana raba ƙasa. Duk wanda ke wurin ya san cewa in ka ce kakanka ya mallaki gari kaza, maganar na iya zama taswira. Don haka takardar nan fuska biyu gare ta. Kan abin da fada ke faɗa a farkon zuwan Nasara, ganau ce. Kan abin da ya faru a 1807, jiyau ce. Tushe ba a haife shi na farko ko na biyu ba, tambayarki ce ke ba shi matsayi.

Maroƙi kuma sana'arsa yabo, ba ƙarya ba, amma yabo yana tsallake. A bikin uwarki, ina zaune kusa da maroƙin gidanmu yana jero kakanni da ƙarfi, sai na ji ya haye sunan wan kakanmu, wanda aka tuɓe daga mai gari. Da aka watse na ja shi gefe, ina miƙa masa goro, na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa zai biya ni kuɗin wannan sunan?" Haka jerin sarakuna yake: wanda aka tuɓe yakan ɓace, shekarunsa su koma kan na gaba da shi. Kuma da waɗannan shekaru ake ƙirga kwanan wata. Shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya fara sarautar Kano ba ta cikin tsohon littafin tarihin Kano. Wani Nasaran Ingila ne, Palmer, da ya fassara shi a 1908, ya tara shekarun sarakuna ya yi baya da su. In sarki ɗaya ya faɗi daga jerin, lissafin ya goce. In kin ga shekara a littafin lakwal, tambayi ko an rubuta ta a lokacin ne ko ƙirgo ta aka yi.

Inda bakuna biyu masu gaba suka haɗu, nan za ki taka da ƙarfi. Yaƙin Gawakuke na 1836: Sakkwatawa sun ce sun ci, sun kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi. Namu ma ba su musa mutuwar Rauda ba, ko da yake ba abin alfahari ba ne, Gobirawa kuma bayan nan ne suka kafa Tibiri. Wannan ki rubuta shi kai tsaye. Yawan dawaki da waɗanda suka mutu kuwa, kowane ɓangare da nasa, sai ki ce "in ji wane".

Idan kin koma wurin maroƙan, tafi da goro, ki zauna ƙasa, ki bari ya gama kirarinsa kada ki katse shi. Sannan ki tambaye shi daga wa ya koya, shi kuma wancan wane sarki ya yi wa roƙo. Rubuta ranar da kika ji shi da wurin. Ki gaida mini uwarki, ki ce ƙafar ta yi sauƙi.