Hawan jinina lafiya lau, me ya sa aka ɗora ni a kan maganin da ke rage bugawar zuciya?

Tambaya: Likita, wata biyu da suka wuce na samu bugun zuciya, aka buɗe mini jijiyar da ta toshe. Cikin magungunan da aka sallame ni da su akwai bisofurolol. Ba ni da hawan jini, kuma da zuciyata tana bugawa sau 90 a minti, yanzu 60 take yi. Anya maganin nan ba raunana ta yake yi ba?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan 60 ɗin ita ake nema, ba illa ba ce.

Bisofurolol yana cikin rukunin da ake kira beta-buloka. Idan mutum ya firgita, ko ya yi fushi, ko yana jin ciwo, jiki yakan saki sinadarin adirenalin da ɗan'uwansa noradirenalin. Su biyun suna sauka a kan wasu ƙananan gurabe a jikin zuciya, masu suna beta-1, sai zuciya ta ƙara sauri da ƙarfin matsawa. Maganin naka kamar makulli ne da ya shiga kwaɗo daidai amma ba ya juyawa: bai buɗe ba, kuma ya hana makullin gaskiya shiga. Wurin da ke tsara bugawar zuciya sai ya daina samun umarnin gaggawa, ya koma tafiya a natse.

Ga inda amfanin yake. Tsokar zuciya, musamman ta ɓangaren hagu, ba ta samun jinin kirki a lokacin da take matsawa, domin matsawar tana danne jijiyoyin da ke ratsa cikinta. Sai lokacin da ta saki, sannan jinin yake shiga. Mu yi lissafi da lambobinka. A bugawa 90, kowane zagaye bai wuce kashi biyu cikin uku na daƙiƙa ba, matsawa ta cinye kusan rabinsa. A bugawa 60 kuwa, zagayen daƙiƙa guda ne cif, matsawa ta ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran duk na shigar jini ne. Ka ga aiki ya ragu, lokacin ciyarwa ya ƙaru. Ga zuciyar da wani yankinta ya mutu saboda rashin jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili na biyu shi ya fi tayar wa likitoci hankali. Inda tsoka ta mutu tabo yake zama, kuma gefen tabon yana saurin rikita lantarkin zuciya. Adirenalin yana iza wannan rikici har zuciya ta koma karkarwa ba ta tura jini, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Beta-buloka yana rage yiwuwar haka. Yana kuma taimakawa kada zuciyar ta buɗe ta saki a watannin da ke biye.

Sai dai ba kowa ne ke cin moriyarsa daidai da kowa ba. Ka tambayi likitanka abin da hoton eko, wato hoton da ke nuna yadda zuciya take motsi, ya nuna: kashi nawa na jinin da ke cikin ɗakin hagu zuciyarka take turawa a kowace bugawa? Idan kashi 40 cikin ɗari ne ko ƙasa, hujjar shan maganin tana da ƙarfi ƙwarai, kuma galibi na dindindin ne. Idan 50 ne ko sama, magana ta fara sauyawa. Wani babban bincike da aka gudanar mafi yawa a ƙasar Suwidin, aka wallafa a 2024, bai ga ya rage mutuwa ko sake samun bugun zuciya a irin waɗannan mutane ba. Ni dai ina ganin duk mai wannan sakamako ya cancanci a zauna da shi a sake duba batun, maimakon a yi ta sabunta masa takarda.

Kasala da sanyin tafin hannu da ƙafa sukan zo a farko, kasalar kuma takan lafa. Abin da ba a jira da shi: bugawa ta sauka ƙasa da 50 tare da jiri, ko suma, ko numfashi ya riƙa fito, musamman ga mai asma. Mai ciwon suga ya kula, domin maganin yana ɓoye faɗuwar gaba da rawar jikin da ke sanar da shi suga ya sauka, zufa ce kawai takan rage masa alama.

Kada ka yanke shi kwatsam, ko da ya ƙare ne ko ka ji garau. Yayin da ake toshe guraben nan, jiki yana ƙara yawansu. Ranar da magani ya ɗauke lokaci guda, adirenalin zai tarar da su duka a buɗe, zuciya ta ɗauki gudu, ciwon ƙirji ya dawo, wani lokaci har a sake samun bugun. Idan za a daina, likita ne zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, yana auna bugawar da hawan jini.