Na shiga bargo muryata ta toshe, na fito kuma ɗaki yana amsawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina ɗora murya a kan gajerun bidiyo, da waya nake rikodin a ɗakina, ƙasan tayil ne bangon siminti. In na yi a fili sai muryar ta fito kamar ina magana a cikin rijiya, aka ce in lulluɓe da bargo, na lulluɓe, sai ta dawo a toshe kamar mai mura, ga zafi, kuma har yanzu ana jin babur in ya wuce. Don Allah me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, bargon ma ba shi da laifi, aiki biyu ka haɗa masa alhali ɗaya kawai ya iya. Shi bargo abin da yake yi shi ne ya shanye muryarka kada ta bugi bango ta dawo cikin makirfon. Amma hana ƙarar waje shigowa wannan aikin abu mai nauyi ne da toshe kafa, wato bango mai kauri, ƙofa da taga da suka rufu ruf babu inda iska ke bi. Ko barguna biyar ka rataya babur ɗin nan sai ya shigo, haka kwalin ƙwai da mutane ke mannawa a bango, wallahi ba ya tare ƙarar komai, wahala ce kawai. To mu ajiye babur tukuna mu fara da rijiyar, don ita ce take hannunka.

Abin da ke faruwa a ɗakinka shi ne, sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, in bango yana mita biyu daga bakinka to kafin ka ƙifta ido muryar ta je ta dawo, ta bugi tayil ta bugi silin ta sake dawowa, kuma makirfon ɗin waya ba ya zaɓe, ta kowane ɓangare yake ɗauka. Kai ba ka jin abin sosai saboda kunnenka ya saba da ɗakin yana tace maka, ita kuwa waya duk abin da ya iso gare ta kwasa take yi. In kana so ka ji da kunnenka, tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi ka yi shiru. In ka ji wani ɗan ziriri yana bin tafin kamar ƙarfe ya kaɗa, to bangaye biyu ne masu fuskantar juna suke jefa wa juna sautin. Ka je jikin labule ko gaban wadirob a buɗe ka sake tafawa, za ka ji tafin ya mutu nan take. Wannan mutuwar ita muke nema.

Kafin ka taɓa bargo ma akwai gyaran da ya fi shi amfani kuma kyauta ne, matso da wayar. Yawancin waɗanda suke turo min rikodin irin naka in na tambaya sai in tarar wayar tana kan tebur, tsakaninta da baki kamar santimita 60. Ƙa'idar ita ce duk sanda ka raba nisan biyu, muryar da ke zuwa kai tsaye daga bakinka tana ƙaruwa da kusan desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, amma amsawar ɗakin tana nan yadda take ba ta ƙaru ba. Kaga daga 60 zuwa 30 ka ci 6, daga 30 zuwa 15 ka ƙara 6, desibel 12 kenan ka ɗaga muryarka sama da ɗakin da babur ɗin baki ɗaya ba ka sayi komai ba. Don haka ka bar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da wayar, santimita 15 zuwa 20. Kuma ka duba inda makirfon ɗin yake, a mafi yawan wayoyi ɗan rami ne a ƙasa kusa da wajen caji, ƙasan wayar za ka juyo wajenka ba fuskarta ba. Sai dai kar ka saita shi daidai tsakiyar leɓe, ka ɗan kautar da shi gefe wajen kumatu, in ba haka ba duk sanda ka ce fa ko ba ko ta, iskar bakinka za ta doki makirfon a ji buf, kuma wannan buf ɗin cire shi daga baya aiki ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa lulluɓa ta toshe maka murya. Sautin magana ba iri ɗaya ba ne, akwai siririn sama irin na s da sh da ts, akwai kaurin ƙasa da ke fitowa daga ƙirji. Siririn gajere ne, na 4000 Hz, wato mai kaɗawa sau 4000 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa bai kai santimita 9 ba, bargo na cafke shi cikin sauƙi. Shi kuwa na ƙasa, misali 100 Hz, tsawonsa ya haura mita uku, bargo ɗaya a wajensa kamar babu. To da ka ƙudundune a ciki sai bargon ya shanye hasken muryar ya bar maka kaurin, ga shi kuma ka tanƙware ƙirjinka ya matse, numfashi ya yi gajere, bargon na gogar waya yana ƙas ƙas, zafi ya sa kana sauri ka gama. Duk wannan ana jinsa a rikodin. Ni ban yarda da lulluɓa ba sai in tafiya ta kama mutum kuma layi biyu zai faɗa.

Ga yadda zan shirya ɗakin in ni ne, mu ɗauka mita uku ne da mita huɗu. Kar ka zauna a tsakiya cif, kar kuma ka shige lungu, don a lungu kaurin sauti yake taruwa. Ka ɗaga katifarka ka jingina ta da bango, ka zauna kana fuskantarta kamar rabin mita tsakaninku, wayar tana tsakaninka da ita, ita katifar za ta sha muryar tun kafin ta yi yawo a ɗakin, kuma da yake tana da kauri tana kamo har wani abu daga na ƙasan da bargo ba ya iyawa. Sai bayanka, ka ɗaura igiya ko ka jera kujeru biyu masu tsayi ka rataya bargo mafi nauyi da kake da shi, a ninke biyu, ya wuce saman kanka kaɗan. In akwai na biyu ka sa shi a gefen da bango ya fi kusa da kai. Abu ɗaya da mutane ke kuskurewa, suna manna bargon a jikin bango a miƙe sumul. A'a, ka bar masa tazara kamar santimita 5 zuwa 10 daga bangon, ka bar shi da lanƙwasa irin ta labule, wannan iskar da ke bayansa tana sa ya sha sautin da ya fi kauri. Tayil ɗin ƙarƙashinka ka shimfiɗa kafet ko wani bargon. In a kan tebur za ka ɗora wayar, to ka shimfiɗa tawul mai kauri a kai sannan ka ɗaga ta da littattafai ta zo daidai baki, domin fuskar tebur ma madubi ce ga sauti, muryar na bugunta ta shiga makirfon a makare kaɗan sai ka ji ta zama wata iri kamar ta cikin bututu. Saman kanka ka bar shi a buɗe ka sha iska.

In kana da wadirob cike da kaya a rataye, buɗe ƙofofinsa ka yi magana kana fuskantar kayan, bargo a bayanka, ya maye maka katifar. Amma wanda babu kaya a ciki kar ka kusance shi, akwati ne.

Kar ka riƙe wayar a hannu, motsin yatsa yana shiga. Ka sa ta a yanayin jirgi, ka zare caja. Wannan na caja ni ya taɓa cina, na karanta rubutu na kusan minti ashirin ina jin daɗin yadda muryar ta zauna, da na sa abin kunne sai ga wani zzzz siriri tun daga farko har ƙarshe, dole na sake daga farko. A manhajar rikodin in akwai zaɓi ka ɗauki WAV da 48 kHz tunda bidiyo za ka ɗora wa, in kuma tana nuna ma'aunin ƙarfin sauti ka sa mafi ƙarfin maganarka ya tsaya tsakanin desibel -12 da -6, kar ya taɓa 0, don in murya ta fashe a can babu mai ɗinke ta. Kuma kar ka yi rikodin da saƙon murya na WhatsApp, matse sautin yake yi, in za ka tura fayil ɗin ka tura shi ta Document.

Sai babur ɗinka. Maganinsa lokaci ne da haƙuri, ka lura da sa'ar da unguwa ta fi yin tsit, ka rufe taga, ka cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, ka kashe fanka da firij in yana kusa, in zafi ya dame ka ka riƙa yi minti uku uku kana kunna fankar a tsakani. In ya wuce kana tsakiyar jimla, tsaya, bari ya yi nisa, ka maimaita jimlar daga farkonta, daga baya ka yanke. Ka bar daƙiƙa goma na shiru a farkon kowane rikodin ba motsi. In ka kai shi Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, sai ka zaɓi shirun nan, ka shiga Noise Reduction ka danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi duka ka rage kaɗan, kamar desibel 6 zuwa 10. Wannan ƙarar da ba ta canzawa kawai yake cirewa, irin shuuu ɗin waya, ba ya cire babur ba ya cire amsawar ɗaki, in ka matsa masa kuma muryar za ta koma kamar kana magana a ƙarƙashin ruwa.

Ka gwada min wannan yau. Ka zaɓi jimla ɗaya mai s da f da yawa, ka faɗe ta sau uku, na farko yadda ka saba, na biyu wayar a taƙi ɗaya ba bargo, na uku da katifa da bargon baya. Ka saurara da abin kunne ba da sifikar waya ba, ka sa kunne a ƙarshen kalmar ƙarshe. In ta yanke tsaf shiru ya biyo baya, ɗakin ya yi. In tana da jela, ƙara bargo a gefe ko ka matso da na bayanka. In kuma ta yi dum dum ta rasa haske, to ka matse kanka da yawa ne, ja bargon baya kamar taƙi biyu ka sake ɗauka.