Haja ko kaya, da batun "ko da kuɗinka sai da rabonka"

Tambaya: Malam, takalma nake sayarwa. In sababbi sun zo nakan tura wa kwastomomi a WhatsApp cewa "kaya sun iso, ko da kuɗinka sai da rabonka", amma wasu bulokin ɗina suke yi. Haja zan ce ko kaya? Ko karin maganar ce matsalar?

Amsa: Hajiya, duk biyun Hausa ce. Kaya dai ya fi faɗi, na sawa kaya ne, na ɗauka a kai ma kaya ne. Haja kuwa abin da aka kasa don sayarwa ce kawai, daga Larabci muka aro ta, can tana nufin buƙata ko abu, kuma mace ce, "haja ta iso" ake cewa ba "ya iso" ba. Sai dai ni a ganina ko wacce kika ɗauka ba ta faɗa wa mutum komai ba, wane kaya? Cinikin biri a sama kenan, kin kira mutum ciniki alhali bai ga abin ba, bai san kala ba balle lamba.

Ita kuma waccan maganar ta mai talla ce a cikin taro, ma'anarta abin kaɗan ne kuma ana rububinsa, kuɗi kaɗai ba zai ba ka ba. A bakin kasuwa tana da armashi, amma birodkas, wato saƙo ɗaya da kike tura wa jerin mutane lokaci guda a WhatsApp, ba kasuwa ba ce, saƙon yana faɗawa wayar kowa ne shi kaɗai kamar ke kika yi masa sallama, in ya amsa ma ke kaɗai za ki gani. To ki duba, kin shigo wa mutum har ɗaka kina masa ihun talla, gobe ma haka jibi ma haka, ai dole ya gaji. Wannan shi Bahaushe ke kira naci.

An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, talla ma haka ne. Jerin birodkas ɗaya yana ɗaukar mutum har 256, amma ba dole ki cika shi ba, ki ware masu sayen na yara daban, na manya daban. Kuma wanda bai yi sabin ɗin lambarki ba saƙon ba ya isa gare shi sam, in kin ga alama ɗaya tak ta daɗe ba ta zama biyu ba, galibi dalilin kenan.

Ga yadda zan rubuta in ni ne: "Salam, mai takalma ce. Na makarantar yara da kuka tambaya sun iso, baƙi da ruwan ƙasa, lamba 28 zuwa 35, ƙafa 20 ne kacal. Ga hoto da farashi. In ba kwa son irin wannan saƙo ku gaya min in cire ku."

Hoto biyu ya isa, kar ki juye guda talatin ki cinye wa mutane data. Wanda ya ce a cire shi kuma ki cire shi a ranar.