Ta iya ƙirga har ɗari, amma ashirin da uku tana rubuta 203

Tambaya: "Assalamu alaikum iyaye da malamai. 'Yata shekararta bakwai, tana aji biyu na firamare. Tana ƙirga har ɗari ba gargada, amma in na ce ta rubuta ashirin da uku sai ta rubuta 203. Jiya an ba su 32 a cire 15, ta rubuta 23. Na yi mata bayanin gidan gomomi da gidan ɗaiɗai har na gaji. Don Allah da me zan koya mata a gida?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki ajiye bayanin baki tukuna, ki nemo tsohuwar tsintsiya. Na daɗe ina koyar da ƙananan azuzuwa, kuma abubuwan nan biyu da kika gani tushensu ɗaya ne: yarinyar ta haddace jerin lambobi, amma goma a wurinta lamba ce kawai da ke zuwa bayan tara. Ba ta riga ta ga cewa abubuwa goma za su iya haɗuwa su zama abu guda ba, su kuma ci gaba da zama goma a lokaci ɗaya. Wannan ne wurin da ke ba yara wuya, kuma da hannu ake shiga shi.

Kafin komai ki gwada ta. Ki ba ta wake ta ƙirgo goma sha shida, ki rubuta mata 16 a takarda da manyan baƙi. Ki ɗora yatsa kan 6 ki ce ta nuna miki waken da wannan ke nufi. Za ta ware shida. Sai ki ɗora yatsa kan 1 ki sake tambaya. In ta ɗauko ƙwara ɗaya, to ga matsalar nan a fili, kuma kada ki gyara mata a lokacin. Ki tambaye ta kawai, "To sauran taran nan fa, na waye?" ki bar ta da tunaninta. Yara da yawa da ke cin jarrabawar lissafi ƙwara ɗayan nan suke ɗaukowa.

Yanzu kayan aiki. Ki kakkarya tsinken tsintsiya daidai tsawon yatsa, kamar ɗari da 'yan kai, ki samo robar ɗaure kuɗi ko zare. Ashanar da aka riga aka ƙyasta ma tana yi, haka sandar alawa in za ki iya tarawa. Na fi son tsinke a kan wake ko tsakuwa saboda ana iya ɗaure shi, ɗaurin ya tsaya a hannu guda, kuma yaro yana ganin tsinkayen ciki da idonsa. In wake ne kawai a gidan, a zuba goma-goma a ƙaramar farar leda a ƙulle, amma a kula in akwai mai rarrafe.

Kada ki fara da kuɗi. Kowa shi yake fara kawowa, wai yaro ya san naira goma. Takardar naira goma takarda ɗaya ce, babu abin da ke jikinta da yaro zai warware ya ƙirga ya samu goma, ga shi kuma naira ɗaya ta ƙarfe yaran yanzu ba su ma san ta ba. Haka dabarar cewa jan marfin kwalba goma ne, fari ɗaya ne. Wannan yarda ce kawai ake nema daga yaro. Lokacinsu yana zuwa, bayan ɗauri ya zauna.

Ki zuba mata tsinke a tabarma, tsibi guda, misali talatin da huɗu, ki ce ta ƙirga. Tana cikin ƙirgar ki ɗan katse ta da wata magana, za ta ɓata lissafi ta koma farko. A nan za ki ce, "Bari mu riƙa ɗaure duk goma don kada su ɓace mana." Ita za ta ƙirga goman, ita za ta ɗaure. Kada ki ɗaure mata don saurin aiki, domin ɗaurin da ta same shi a ɗaure ba ta da tabbacin abin da ke cikinsa. Idan ta gama za ta ga ɗauri uku da tsinke huɗu a sake. Ki tambaye ta nawa ne duka.

Ki lura da abin da za ta yi a nan, shi zai gaya miki inda take. Wata za ta kwance ɗaurin ta sake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Ki ƙyale ta, ba ta yarda da ɗaurin ba tukuna, sai ta yi haka sau da dama kafin ta gamsu cewa goman ba ya canzawa. Wata za ta taɓa ɗauri tana cewa goma, ashirin, talatin, sannan ta wuce kan tsinkayen sake ta ci gaba da arba'in, hamsin, sittin, saba'in. Wannan ta kusa, sauya taki ne ya gagare ta. Ki sa ta tsaya bayan ɗauri na ƙarshe, ta ja numfashi, sannan ta ce talatin da ɗaya, talatin da biyu. Wata kuma za ta ce bakwai, wato ta ƙirga ɗauri da tsinke duk kai ɗaya. Ita sai a miƙa mata ɗauri a hannun dama, tsinke ɗaya a hagu, a tambaye ta ko daidai suke.

Akwai wani abu da ke taimakawa a kwanakin farko. Sunayen gomominmu, ashirin da talatin da arba'in, daga Larabci muka aro su, kuma yaro ba ya jin goma a cikinsu. Don haka nakan sa yara su faɗi kowace lamba sau biyu: "goma uku da huɗu, talatin da huɗu." Haka daga sha ɗaya zuwa sha tara a daina gutsure goman a lokacin darasi, a ce goma sha uku cikakke, ɗauri na hannu ana faɗin goma.

Sai bayan wannan ya zauna a zo rubutu. Ki ja layi a tsakiyar kwali, ko da alli a ƙasan siminti. Hagu gidan ɗauri, dama gidan tsinken sake. Doka ɗaya ce: tsinke goma ba sa zama a gidan dama, da sun cika goma a ɗaure su su ƙaura hagu. Ku yi wasa da ita, kina miƙa mata tsinke ɗaya-ɗaya, tana ajiyewa tana rubuta lambar a ƙarƙashin kowane gida. Ki rage sauri a 19 zuwa 20 da 29 zuwa 30. A nan za ta ga gidan dama ya koma fanko, ki tambaye ta me za a rubuta a ƙarƙashinsa. In ta ce ba komai, ki bar ta ta rubuta 3 kaɗai, ki ce ta karanta. Za ta ce uku, alhali ɗauri uku ne a gabanta. Daga nan sifili ya samu aikin yi a idonta.

Batun 203 kuma, ki sani ba shirme ta yi ba. Ta ji ashirin ta rubuta 20, ta ji uku ta rubuta 3, abin da kunnenta ya ji ta zuba a takarda. Maganinsa kati ne. Ki yanka kwalin sabulu ko na shayi, dogaye tara ki rubuta 10, 20, har 90, gajeru tara masu rabin tsawon dogayen ki rubuta 1 zuwa 9. In kin ce ashirin da uku, ta ɗauko katin 20 ta ajiye kusa da ɗauri biyu, ta ɗauko katin 3 ta ɗora shi a kan sifilin. Ga 23 ta fito. Ta ɗaga gajeren katin ta leƙa, ashirin ɗin tana nan a ƙasa ba ta je ko'ina ba. Yara suna son leƙen nan ƙwarai. Da katin nan kuma ake raba 13 da 31: ta gina kowacce da tsinke, ki tambaye ta wacce za ta zaɓa in da alawa ce.

To ga 32 a cire 15. Abin da ta yi shi ne, a gidan dama ta ga 2 da 5, ta san ba a cire biyar daga biyu, sai ta juya ta cire biyu daga biyar ta samu 3. A hagu ta cire ɗaya daga uku ta samu 2. Kowane gida ta ɗauke shi lissafi mai zaman kansa. Duk inda kika ga amsa irin wannan, misali 41 a cire 26 yaro ya ce 25, to wannan kuskuren ne, ba rashin natsuwa ba.

Ki sa ta gina 32, ɗauri uku da tsinke biyu. Kada ta gina 15 ɗin a gefe, domin daga cikin talatin da biyun za a ɗebe shi. Ki ce, "Ba ni biyar." Za ta miƙo biyu ta tsaya. Ki yi shiru. Na san shirun yana da wuya ga uwa, amma ki daure, mafi yawansu da kansu suke kai hannu kan ɗauri. Ta kwance guda, yanzu ɗauri biyu ne da tsinke goma sha biyu. Kafin ta cire komai ki tambaye ta, "Yanzu nawa ne duka?" In ta ce talatin da biyu ba tare da ta sake ƙirgawa ba, ta gane. In ta ce ashirin da biyu ko ta rikice, ku tsaya nan, ku yi ta ɗaurewa da kwancewa a ranar, cirewar ta jira gobe. In ta wuce, ta ba ki biyar saura bakwai, ta ba ki ɗauri ɗaya saura ɗaya. Amsa 17. Sannan ku rubuta abin da hannu ya yi: a soke 3 a rubuta 2 saboda an kwance ɗauri, a sa ƙaramin 1 gaban 2 saboda sun zama goma sha biyu.

A makaranta za su ce mata aro aka yi. Ni ban cika son kalmar ba, don yara sukan tambayi yaushe za a mayar, kuma suna da gaskiya. A gida ki ce kwance ɗauri, ki gaya mata shi ne malaminsu ke kira aro, don kada ta ɗauka hanyoyi biyu ne.

Kwatan awa a rana ya isa, bayan la'asar ko lokacin da ba ta gaji ba. Kada ki yi saurin janye tsinken, kuma kada ki bar ta a kansa har abada. Idan hannunta ya saba, ta koma zana doguwar sanda a madadin ɗauri da ɗigo a madadin tsinke, daga nan sai lambobi zalla, tsinken yana gefe in ta kakare. Lokaci-lokaci ki juya mata tambayar don ki tabbatar ba sabuwar hadda ta yi ba: "tsinke huɗu da ɗauri biyu, nawa ke nan?" In ta ce 42, jerin maganarki take bi, ku koma tabarma. Ko ki ba ta ɗauri biyu da tsinke goma sha huɗu ki ce ta rubuta, ki ga ko 34 za ta fito ko 214. Kada ku taɓa ɗari sai waɗannan biyun sun daina kayar da ita, sannan ta haɗa ɗauri goma ta ɗaure su da babban zare, ki ƙara gida na uku a hagun kwalin.