Me lakar gindin tafki take faɗa game da daminar da?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana na haƙo laka daga ƙasan tafki su faɗi yadda damina take shekara dubbai da suka wuce. Ta yaya laka za ta nuna wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu ɗauki tafkin Yowa da ke Uniyanga, can arewacin Chadi, tsakiyar Sahara. Ruwan sama bai cika sauka a wurin ba, rana kuma tana ƙafar da kusan mita 6 na ruwansa duk shekara. Duk da haka shekara dubbai ke nan bai bushe ba, domin tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke ciyar da shi. Zurfinsa ya kai wajen mita 25, kuma iskar shaƙa ba ta isa gindinsa, don haka babu tsutsar da za ta dama lakar. Abin da ya kwanta bana yana nan a kan na bara.

Masana daga jami'ar Kolon ta Jamus sun kafa bututu a gindin, suka zaro laka mai tsawon kusan mita 7.5, wadda ta ƙunshi shekara 6,000. Sun fitar da sakamakon a 2008. In aka tsaga bututun biyu, sai ka ga zane siriri hawa-hawa, fari-fari na lokacin zafi, sai mai duhu a kansa. Kaurin na shekara guda bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙirga su ake yi.

Daga nan sai a duba abin da ke ciki. Akwai ƙananan halittun ruwa da ke barin ɓawonsu in sun mutu, wasu na ruwan daɗi, wasu na ruwan gishiri. A Yowa, na ruwan daɗi sun ɓace tsakanin shekara 4,200 zuwa 3,900 da suka wuce, alamar ƙafewa ta rinjayi ruwan da ke shigowa. Garin furen tsirrai kuwa, wanda iska ke kwasowa, labarin dajin kewaye yake bayarwa: itatuwa suka fara raguwa, ciyawa ta bi baya sannu a hankali, sai wajen shekara 2,700 da suka wuce tsirran hamada suka mamaye. Kada a ga tafkin ya yi gishiri cikin ƙarni uku a ce haka damina ta ɗauke. Tafki na iya juyewa farat ɗaya da zarar ya daina malala waje, alhali ruwan sama a hankali yake ja baya.

Inda aikin ke ɓaci shi ne tafki mara zurfi. In ya ƙafe, iskar hunturu ta kwashe lakar, kamar yadda take yi yau a kwarin Bodele, wani busasshen gindin tafki da ke Chadi, shekarun fari su ɓace daga lissafi. Ana gane gurbin da tsattsagewar laka, ko saiwoyi a tsakiyarta, ko shekarun da suka yi tsalle. Awon kabon 14, wato hanyar gano shekarun ragowar abu mai rai daga sinadarin kabon da ke jikinsa, shi ma yana ruɗi, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa na ɗauke da tsohon kabon da ke ƙara wa ɓawon halittun ruwa shekaru. Shi ya sa aka fi son a auna iri ko gawayin tsiron tudu in an dace da shi a cikin lakar.